Ka Samu Aiki Biyu, Ka Zaɓi Ɗaya: Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Ban Haƙuri ga Ɗaya Wurin

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa, ya yi kusan shekara yana zaga ofisoshi da takardunsa a jaka. Sai ga shi cikin mako guda wurare biyu sun kira shi. Wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya ba shi aikin akanta, wani ƙaramin banki a Kaduna ma ya ba shi. Ya yi shawara, ya yi istihara, hankalinsa ya kwanta da Kaduna. Da na tambaye shi abin da zai gaya wa mutanen shinkafa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, in ba su gan ni ranar Litinin ba ai za su gane.”

Wannan amsar ce ta sa na zauna na rubuta wannan jagora. Na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, na san yadda ranar Litinin ɗin take daga ɗaya ɓangaren. An share tebur, an tanadi kujera, an gaya wa mutumin da ya zo na biyu a ganawa cewa ya yi haƙuri, sai a wayi gari ba mutum ba labarinsa, wayarsa kuma a kashe. Yaron ba mugunta ce ta sa shi ba, kunya ce. Amma mai kamfani ba ya ganin kunyar, abin da yake gani shi ne an raina masa hankali. Sunan wanda ya yi haka ba ya fita daga kan mutane da wuri, kuma masu ɗaukar aiki a gari ɗaya sun san juna fiye da yadda matasa suke zato.

## Kafin ka taɓa biro, ka tabbata ɗaya aikin ya kama ƙasa

Matakin farko ba rubutu ba ne. A ƙa'idar yarjejeniya, tayin da ka ce ba ka so ya mutu ke nan. Ba za ka dawo bayan kwana uku ka ce ka sake shawara, a ba ka dole ba. Sai dai in sun ga dama su sake yi maka sabon tayi. Saboda haka kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ɗauko takardar wurin da ka zaɓa ka karanta ta layi-layi. In ba takarda, waya kawai aka buga aka ce “mun ɗauke ka”, to ba ka da komai a hannu tukuna. In akwai takarda, nemi sharuɗɗan da aka rataya aikin a kansu. Yawancinsu sanannu ne: gwajin lafiya, tantance takardun makaranta da ta kammala bautar ƙasa, kawo mutum biyu da za su tsaya maka, jin ta bakin wurin da ka taɓa aiki. Wasu bankuna suna ƙara da horon makonni, wanda bai ci jarrabawar ƙarshe ba a sallame shi. Kowane sharaɗi da bai cika ba, ƙofa ce da aikin zai iya fita ta cikinta.

Ɗan yayata ya ci karo da irin wannan. Takardar Kaduna ta ce sai sakamakon gwajin lafiya ya fito, kuma sai ranar Alhamis zai fito. Mutanen shinkafa kuwa sun ba shi zuwa Laraba ya amsa. A nan ne da yawa suke yin kuskuren amsa wa kowa “na karɓa”, da niyyar zame wa ɗaya daga baya. Ban yarda ya yi haka ba. Na sa ya buga wa jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kamfanin waya ya ce, “Hajiya, ina neman alfarmar a ƙara mini zuwa ranar Juma'a kafin in ba da amsa ta ƙarshe, akwai wani al'amari da nake jiran ya warware.” Ta ce ba komai. Neman ƙarin kwana biyu ko uku abu ne da aka saba ji, ba ya ɓata wa kowa rai, muddin ka faɗi ranar da za ka amsa kuma ka cika. Abin da ke ɓata rai shi ne ka nemi ƙari sau biyu, sau uku.

Sakamako ya fito ranar Alhamis da hantsi, ya sa hannu a takardar Kaduna, ya aika, suka amsa cewa sun gani. Daga wannan lokacin agogo ya fara juyawa. Shawarata kullum ita ce kada a wuce awa 24, in ya yi tsanani 48. Dalili a fili yake: mutumin da ya zo na biyu a ganawa yana nan yana jira, kuma kowace rana da ka ƙara tana iya sa shi ma ya kama wani wurin, kamfani ya tashi biyu babu, ya koma sake talla da sake ganawa. Amsar da ta zo da wuri alheri ce ka yi musu, kuma ita ce abin da za su fi tuna ka da shi, fiye da duk wata kalma mai daɗi da ke cikin wasiƙar.

## Wanda ya yi maka hanya shi ne farkon ji

Wannan matakin shi ne aka fi tsallakewa, kuma a wurinmu shi ya fi kowanne nauyi. Da wuya aiki ya zo ba tare da wani ya sa baki ba: malamin da ya rubuta maka takardar shaida, abokin mahaifinka da ya miƙa takardunka, maƙwabcin da ya ce wa manaja “yaron nan na san gidansu”. Mutumin nan ya ajiye mutuncinsa a kanka. In ya ji labarin daga bakin manajan, ka kunyata shi, kuma gobe ƙaninka ne zai biya bashin.

Ga ɗan yayata, wani dattijo ne abokin marigayi mahaifinsa ya yi magana. Na ce masa wannan ba maganar waya ba ce, tunda gari ɗaya kuke. Bayan la'asar ya je, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, na zo in yi godiya ne kuma in ba ka haƙuri. Allah ya kawo wani aikin a Kaduna, na yi shawara da su Kawu, an ga in je can. Ban so ka ji a bakin kowa ba sai a bakina.” Dattijon ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kuma ce shi ma zai kira manajan da kansa. Lura da yadda aka faɗi maganar: an riga an yanke shawara, sanarwa aka zo yi cikin ladabi. In ka je kana cewa “ko yaya ka gani, Baba?”, ka buɗe ƙofar da zai ce ka zauna a Kano, daga nan kuma ƙin bin maganarsa ya zama laifi na biyu.

Bayan shi sai wanda ya ba ka aikin. Kira shi a lokacin aiki, ba da dare ba, ba lokacin sallar Juma'a ba. Minti biyu sun isa: gaisuwa, godiya, sanarwa, sannan ka ce takarda na tafe yau. In ka kira sau biyu ba a ɗauka ba, kada ka tsaya jira, aika wasiƙar ka ambata a ciki cewa ka gwada kira.

## Ita kanta wasiƙar

Ka mayar da amsa da harshen da aka rubuto maka. A Najeriya galibi Turanci ne, a Nijar Faransanci, wasu makarantu da gidajen rediyo da ƙungiyoyi kuma Hausa tana wadatarwa. Ƙashin bayan wasiƙar ɗaya ne ko da wane harshe. Haka kuma ka bi hanyar da tayin ya biyo. In ta imel ya zo, danna Reply a kan saƙon nan nasu domin maganar ta zauna a zare ɗaya, ka sa shugaban sashen da ya gana da kai a layin Cc don shi ma ya samu kofi. In takarda ce mai hatimi aka ba ka hannu da hannu, buga taka ka sa hannu, ka yi kofi biyu, ka kai, ka roƙi sakatare ya buga hatimin karɓa a kan kofinka. Saƙon WhatsApp yana iya biyo baya, amma ba ya tsayawa a madadin wasiƙa, domin ba ya shiga fayil.

Ga wadda muka rubuta, na cire sunaye:

> Zuwa ga Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
>
> AMSA GAME DA TAYIN AIKIN AKANTA
>
> Hajiya,
>
> Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina godiya da takardarku mai lamba kaza, ta ranar kaza, wadda kuka ba ni aikin akanta a sashen kuɗi.
>
> Ina mai ba ku haƙuri cewa ba zan samu damar karɓar aikin ba, domin na riga na amsa wani aikin a wani wuri. Na ga ya dace in sanar da ku yau, don ku samu lokacin ci gaba da shirinku.
>
> Ina godiya ta musamman ga babban akanta, wanda ya ɗauki lokaci ya zagaya da ni ma'ajiyar shinkafa ya nuna mini yadda ake daidaita lissafin buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita. Na ƙaru da wannan ƙwarai, kuma ya ƙara mini sha'awar aikinku.
>
> Zan yi farin ciki idan kuka bar takarduna a fayil ɗinku. In Allah ya kawo wata dama nan gaba a sashen kuɗi, zan so a sake tunawa da ni. Lambar wayata da adireshin imel ɗina suna ƙasa.
>
> Allah ya ƙara wa kamfani albarka.
>
> Naku,
> (suna, sa hannu, lambar waya)

Ba ta cika shafi ba, kuma haka ake so. Bari mu bi ta sannu a hankali, domin kowane sakin layi da aikin da yake yi.

Na farko yana ɗauke da sunan muƙamin, da lambar takardar, da kwanan wata. Mai karantawa wataƙila tana da mutum goma da ta aika wa takarda a makon nan. Ka sauƙaƙa mata ta gane wane fayil za ta ɗauko.

Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma a nan kara take cutar da mu. Mun saba kewaye-kewaye idan za mu ƙi abu, har mai sauraro ya gane da kansa. A takardar ofis wannan ba ya aiki. Na taɓa karanta wasiƙar wani da ya cika shafi da godiya da addu'a, ya rufe da cewa “al'amura sun ɗan canja, sai yadda hali ya yi”. Mu uku muka karanta, ɗaya ya ce ƙarin albashi yake nema, ɗaya ya ce ɗage ranar farawa yake so, sai da muka kira shi muka ji ashe ya tafi wani wurin tuni. Jimlar “ba zan samu damar karɓar aikin ba” dole ta fito ƙarara, kuma kada ta wuce sakin layi na biyu. Ladabin yana cikin “ina mai ba ku haƙuri”, sau ɗaya. In ka maimaita ban haƙuri sau huɗu, sai wasiƙar ta koma kamar ta mai laifi, alhali ba ka yi laifin komai ba.

Dalili kuwa jimla ɗaya ya ishe shi: na amsa wani aikin. Ba dole ne ka faɗi sunan wurin ba, kuma ni ina ganin gara a bar shi, musamman idan sana'arsu ɗaya da waɗanda kake rubuta wa. In an tambaye ka a waya kana iya cewa, “Yallaɓai, in na fara zan sanar da kai, in sha Allahu.” Kada ka kwatanta. “Sun fi ku albashi”, “sun fi ku girma”, “can akwai gidan ma'aikata”, ko da gaskiya ne, wanda aka gaya wa ba zai manta ba. Kada kuma ka ƙirƙiro uzuri. Ɗan yayata da farko ya so ya rubuta cewa mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya. Na hana shi. Ban da jawo wa uwa ciwo da baki, ranar da babban akantan nan ya shiga banki a Kaduna ya gan shi a bayan kanta, shi ke nan an shaida shi da ƙarya, kuma akanta ba shi da jarin da ya wuce amana.

Sakin layi na uku shi ne ainihin abin da ke barin ƙofa a buɗe, ba na huɗu ba. Kowa yana rubuta “ina fatan mu yi aiki tare nan gaba”, har kalmomin sun suɗe. Abin da ke tsayawa a ran mai karatu shi ne ka ambaci abu ɗaya takamaimai da ya faru tsakaninku: mutumin da ya yi maka bayani, tambayar da ta sa ka tunani, wani abu da ka gani a wurin ya burge ka. Wannan yana nuna cewa ba wasiƙar da aka kwafo ba ce, ka kuma ɗauke su da muhimmanci. Sharaɗinsa ya zama gaskiya. In ba abin da ya burge ka, gode musu da lokacin da suka ba ka kawai, ka wuce.

Na huɗu roƙo ne ƙarami wanda za a iya biya: a bar takarduna a fayil. Ka ambaci sashen da kake so, don su san ranar da za su tuna da kai. Amma ka kiyayi alkawari. “Bayan shekara ɗaya zan dawo” ko “in can bai yi ba zan zo” maganganu ne masu cutarwa ta fuska biyu: sun mai da kamfanin wurin fakewa in ruwa ya tsuge, sun kuma nuna ka shiga sabon aikinka da ƙafa ɗaya a waje. In kuma a zuciyarka ka san ba za ka taɓa son aiki a wurin ba, cire wannan sakin layin gaba ɗaya. Godiya da addu'a sun wadatar.

Wani abu da kan ƙara wa wasiƙa daraja shi ne ka ba da sunan wani da ka san ya cancanta. Amma sai ka nemi izininsa tukuna, kuma sai wanda za ka iya tsaya masa.

Kafin ka aika, duba rubutun sunan mutumin da muƙaminsa daga takardarsu, harafi-harafi. Wanda yake da wurare biyu a kansa yakan yi kuskuren sa sunan wannan kamfani a wasiƙar wancan, ko ma ya aika wa wurin da ya zaɓa takardar ƙi. Karanta layin adireshin wanda za ka aika wa sau biyu. In kana haɗa takarda mai sa hannu, mai da ita PDF, kuma ka sa maganar a cikin jikin saƙon ma, don mai dubawa a waya ya gani nan take.

## In ka riga ka ce musu “na karɓa”

Wannan wani hali ne daban, kuma wasiƙar da ke sama ba ta isa ba. Wanda ya sa hannu a takardar karɓa ya ƙulla yarjejeniya, ko da bai fara zuwa ofis ba. Abin da zai yi yanzu janyewa ce, ba ƙin tayi ba. Koma kan takardar ka duba abin da ta ce game da wa'adin sanarwar barin aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta sa mafi ƙarancin sanarwa kwana ɗaya ga yarjejeniyar da ba ta wuce wata uku ba, amma takardar da ka sa wa hannu tana iya ɗora wa'adin da ya fi haka, kamar mako biyu ko wata guda, ko biyan albashin wa'adin a madadinsa. Ga masu manyan muƙamai da ƙwararru ma, takardar ce abin dubawa tun farko. In an ba ka kuɗin mota, ko na kama haya, ko katin shaida, ko kwamfuta, ka lissafa su a wasiƙar ka faɗi ranar da za ka mayar. A nan ban haƙurin ya zama na gaske, sai ka faɗe shi a fili: “Na san na riga na ba ku amsa, kuma janyewata za ta jawo muku ɗawainiya, ina neman afuwa.” In da hali ka je da ƙafarka. Ƙofar tana iya rufuwa duk da haka, wannan kuwa haƙƙinsu ne.

## Bayan ka aika

Abu uku ne kan biyo baya. Wani lokaci shiru za ka ji. In kwana biyu na aiki sun wuce, buga waya sau ɗaya ka tabbatar saƙon ya isa, daga nan ka bar maganar. Wani lokaci amsa mai sanyi ko mai zafi za ta zo. Kada ka mayar da martani, “na gode, Allah ya huci zuciyarku” ya isa.

Na uku shi ne wanda ya kamata ka shirya masa tun kafin ka ɗaga waya: su ƙara kuɗi. Haka ta faru da ɗan yayata. Da safiyar Juma'a manajan da kansa ya kira ya ce, “Malam, nawa suka ba ka? Faɗa mini mu gani.” Yaro ya ɗan rikice, amma mun riga mun yi maganar. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na gode da wannan karamci, amma na riga na sa hannu na ba su kalmata. Ba zan so in yi musu abin da ba zan so a yi muku ba.” Bai faɗi adadin ba. Dalilin da ya sa nake hana karɓar irin wannan ƙarin shi ne, in ka juya, ka saɓa wa waɗanda ka sa wa hannu, su kuma waɗanda ka koma wa sun ga da idonsu cewa kalmarka tana da farashi. In da gaske kuɗi ne matsalar, lokacin ciniki shi ne kafin ka sa hannu a ko'ina.

Manajan ya yi dariya ya ce to Allah ya ba da sa'a, in ya shigo Kano ya leƙo. Na ce wa yaron ya ajiye lambar babban akantan da ta Hajiyar da cikakken suna da muƙami, ya kuma adana kofin wasiƙar tare da takardar tayin a jakar takardunsa. Da sallah ta zo ya aika musu barka da sallah na layi biyu, ba tare da ambaton aiki ba. Wata na bakwai da fara aikinsa, wani abokin karatunsa yana neman gurbi, ya kira babban akantan ya tambaya ko zai iya turo masa takardun yaron. Ya ce a turo.